Dindindin, kwantiragi ko aikin yini: yadda mai gidan burodi zai zaɓi yarjejeniyar da ta dace da kowane ma'aikaci

Yawancin masu ƙananan masana'antu a Kaduna, daga gidajen burodin Tudun Wada zuwa gidajen ruwan leda na Rigasa, da baki suke ɗaukar ma'aikaci. "Ka zo gobe ka fara, za mu daidaita." Ranar da aka saɓa ne ake gane cewa maigida yana ganin ɗan aikin yini ya ɗauka, shi kuwa yaron ya shekara uku yana ɗaukar kansa ma'aikacin dindindin. Hanyar kauce wa wannan ita ce a zaɓi irin yarjejeniyar tun farko, kuma a zaɓe ta bisa tsawon rayuwar aikin kansa. Sunan da aka rubuta a saman takarda ba ya sauya abin da ke faruwa a zahiri, kuma idan magana ta kai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a nan Kaduna, zahirin take dubawa.

Za mu bi misali ɗaya har ƙarshe. Mu ɗauka gidan burodi ne mai ma'aikata 18, kuma maigidan yana neman mutane a gurabe huɗu: mai kula da tanda, direban da zai riƙa kai burodi wata makarantar kwana da ta ba shi kwangilar wata tara, ƙarin hannu huɗu don azumi, da masu sauke buhunan fulawa duk ranar da mota ta iso. Kuɗaɗen albashin da zan ambata na misali ne, kowa ya sa nasa.

Mataki na farko: tambayi aikin, ba mutumin ba

Ɗauki takarda ka rubuta kowane gurbi, sannan ka amsa tambaya biyu a kansa. Shin akwai ranar da wannan aikin zai ƙare, wadda za ka iya nunawa a kalanda tun yau? Shin ana bukatar mutumin kullum, ko sai lokacin da wani abu ya taso?

Tanda ba ta da ranar ƙarewa. Muddin gidan yana buɗe, sai an hura ta kowace asuba, don haka gurbin na dindindin ne. Aikin direba yana da ranar ƙarewa, wato ranar da kwangilar makaranta ta cika wata tara, kuma cikin watannin nan kullum ana bukatarsa. Wannan shi ne kwantiragi mai wa'adi. Ƙarin hannun azumi ma haka ne, sai dai wa'adinsu gajere ne, daga mako ɗaya kafin a ga wata zuwa bayan ƙaramar salla da 'yan kwanaki. Masu sauke fulawa kuwa ba kullum ake nemansu ba, kuma idan ka kira mutum ya ce yau yana da wani dakon a Kasuwar Barci, ba ka da ikon yi masa faɗa. Su ne 'yan aikin yini na gaskiya, waɗanda ake ce wa 'yan kashuwal.

Wannan 'yancin ƙin zuwa shi ne ma'aunin da na fi amincewa da shi. Idan mutum ba zai iya cewa "Oga, yau ba zan samu zuwa ba" ba tare da an yanke masa kuɗi ko an yi barazanar korarsa ba, to ya wuce ɗan aikin yini, ko da kullum da yamma ake danƙa masa kuɗinsa a hannu.

Mataki na biyu: ƙirga mutanenka

Yawan ma'aikata ne ke nuna dokokin da suka hau kanka, kuma iyakokin ba ɗaya ba ne. Dokar fansho ta 2014 ta ambaci kamfani mai zaman kansa da ke da ma'aikata 15 ko fiye. Shi zai zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kuma a cire masa kashi 8, a tura duka asusun fanshonsa cikin kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000 tun 2024, bai zama tilas a kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma dokar ta cire masu aikin jinga da na kamasho. Gidan burodinmu mai mutum 18 ya faɗa tsakani: fansho ya hau kansa, mafi ƙarancin albashi bai hau ba tukuna. Amma ya lura, idan ya ɗauki mai tanda da direba da mutum huɗu na azumi ya kai 24, saura ƙiris.

Doka ta uku ba ruwanta da yawan ma'aikata ko ƙarancinsu. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin da yake biya duk wata ga NSITF, hukumar gwamnatin tarayya da ke biyan diyyar ma'aikatan da suka ji rauni a bakin aiki, kuma ta ambaci ɗan aikin yini da ɗan koyo da mai aikin wucin gadi a fili cikin waɗanda ta shafa. Nan ne masu gida da yawa ke yin kuskure mafi tsada. Suna zaton in buhu ya faɗo wa ɗan dako a ƙafa ba ruwansu, tunda "ai ba ma'aikacina ba ne." A wajen wannan dokar ma'aikacinka ne a ranar da yake yi maka aiki. Shi zai sanar da kai raunin cikin kwana 14, kai kuma ka kai rahoto hukumar cikin kwana bakwai.

Mataki na uku: yi lissafin da gaske

Dalilin da ya sa ake son mayar da kowa ɗan kashuwal shi ne zaton ya fi araha. A gwada a gani. Mai tanda a kan albashin naira 90,000 a wata, idan muka ɗauka duka albashin ne ake lissafa fansho a kansa, zai jawo ƙarin 9,000 na fansho da 900 na NSITF. Jimilla 99,900 ke nan a wata. Akwai kuma inshorar rai ta rukuni da dokar fansho ta wajabta, wadda dole ta kai ninki uku na albashin shekara idan ma'aikaci ya rasu. Kamfanin inshora ne zai faɗa maka abin da za ka biya a shekara.

Yanzu ka ce za ka riƙa biyansa kullum a matsayin ɗan yini. Mai tandar da ya san aikinsa ba zai karɓi kuɗin wata a raba talatin ba, domin ya san ranar da bai zo ba ba shi da ko sisi. Ka ce 4,000 a yini. Kwana 26 ya zama 104,000. Ka biya fiye da na dindindin, kuma ranar da wani gidan burodin a Kawo ya ƙara masa ɗari biyar, da asuba za ka tarar kwaɓi ya kumbura babu mai gasawa. Ga masu sauke fulawa kuwa lissafin ya juya. Idan mota sau shida take zuwa a wata, 4,000 sau shida 24,000 ne ga mutum ɗaya, kuma ajiye shi a kan albashin wata don aikin kwana shida asara ce zalla. Aikin yini yana da araha ne kawai inda aikin kansa yake zuwa jefi-jefi.

Mataki na huɗu: rubuta takardar

Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya ce kafin wata uku ya wuce da fara aiki, dole a ba ma'aikaci bayani a rubuce. A ciki a sa sunan mai ɗaukar aiki, suna da adireshin ma'aikaci, wuri da ranar da aka ɗauke shi, irin aikin, adadin kuɗi da yadda ake lissafa shi da lokacin biya, awannin aiki, hutu, abin da zai faru idan ya yi rashin lafiya, da tsawon notis. Idan mai wa'adi ne, a rubuta ranar ƙarewa. Shawarata kada ka jira wata ukun, a sa hannu ranar farko, kwafi biyu, kowa ya riƙe ɗaya. In ma'aikacin ba ya jin Turanci, a rubuta da Hausa, ko a karanta masa a gaban shaidar da shi ya zaɓa.

Akwai wata magana da ta yaɗu a cikin ma'aikata, wai doka ta ce duk wanda ya yi wata uku ya zama na dindindin kai tsaye. Ba haka sashen ya ce ba. Takarda ya wajabta. Sai dai kada maigida ya yi murna da wuri, domin Dokar Ƙwadago ba ta fayyace wane ne ɗan aikin yini ba, kuma haƙƙoƙin da ta bayar sun rataya ne a kan tsawon lokacin da mutum ya yi yana aiki ba yankewa, ko wane suna aka kira shi.

Wani abin lura kuma: wannan dokar ta masu aikin ƙarfi ce da na akawu. Manaja, ko akanta mai takardar ƙwarewa, ko injiniya, ba su shiga cikin waɗanda take kira ma'aikata ba. Su abin da aka rubuta a takardarsu shi ne kusan dukkan kariyarsu, don haka tasu ta fi bukatar a tsaya a karanta layi-layi.

Takardar mai tanda

Dindindin a kamfani mai zaman kansa ba irin na gwamnati ba ne, inda dokokin aikin gwamnati suka tsare mutum har ya kai shekara 60 ko ya yi 35 yana aiki. A gidan burodi ma'anarsa kawai babu ranar ƙarewa a rubuce. Kowane ɓangare na iya raba gari da notis. Mafi ƙarancin notis a sashe na 11 shi ne kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya daga nan har ƙasa da shekara biyu, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya kuma ga wanda ya kai shekara biyar. Notis na mako ɗaya ko fiye dole ya zama a rubuce, kuma ana iya biyan kuɗi a madadinsa. Ga gurbi kamar tanda ka rubuta wata ɗaya ga ɓangarorin biyu tun farko. Kai ma kana bukatar lokacin neman wani.

Abin da mai tanda zai samu a ƙalla: hutun kwanakin aiki shida da cikakken albashi bayan wata 12, har kwana 12 na jinya a shekara da albashi idan likita ya ba da takarda, da hutun yini ɗaya a kowane mako. Idan mace ce, tana da mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata shida a aikin. Giratuti kuwa ba ya cikin abin da doka ta tilasta wa kamfani mai zaman kansa. In kun yi alkawarinsa ku rubuta yadda za a lissafa shi, in babu ku faɗa a fili, saboda ma'aikata da yawa suna shekara goma suna sa rai da abin da babu wanda ya taɓa yi musu alkawari.

Idan kana son lokacin gwaji, rubuta tsawonsa, misali wata uku, kuma ka sa ranar a wayarka. Ranar da ya cika ka ba shi takardar tabbatarwa, ko ta ƙarin lokaci da dalili, ko ta sallama. Idan ka yi shiru ka ci gaba da biyansa wata da watanni, kotu na iya ɗauka ka tabbatar da shi da halinka. Sannan idan za ka sallami na dindindin, rubuta dalilin gaskiya. A da ana cewa maigida na iya kora da dalili ko babu dalili muddin ya ba da notis, amma tun gyaran tsarin mulki na 2010 da ya ƙara wa Kotun Ma'aikata iko, ta sha yanke hukuncin cewa kora ba dalili rashin adalci ce.

Takardar direba, inda aka fi ƙonewa

Kwantiragi mai wa'adi yana mutuwa da kansa ranar da aka rubuta, ba sai an ba da notis ba. Wannan ne amfaninsa. Haɗarinsa yana tsakiya. Mu ce direban yana kan 100,000 a wata na wata tara, sai makarantar ta soke kwangila bayan wata huɗu. Idan takardarka ta ce kawai "daga ranar kaza zuwa ranar kaza," alkawarin wata tara ka yi masa, kuma yana iya neman albashin wata biyar da suka rage, naira 500,000, alhali motar tana ajiye. Da ka ƙara layi ɗaya, "kowane ɓangare na iya kawo ƙarshen wannan yarjejeniya kafin wa'adi da notis na wata ɗaya a rubuce ko albashin wata ɗaya," da 100,000 ne abin da ke kanka. Direban ma ya karanta wannan layin da kyau, domin shi ne ke nuna masa ko wata tara aka lamunce masa ko wata ɗaya.

Rubuta dalilin wa'adin a cikin takardar: don kwangilar kai burodi makaranta. Yana taimakawa ranar da aka tambaye ka me ya sa wannan ba na dindindin ba ne.

Kuskure na biyu shi ne barin wa'adi ya wuce ana ci gaba da aiki. Wata tara ya cika, ba wanda ya ce uffan, direba na ta zuwa, albashi na ta shiga. Yanzu ba za ka iya tashi wata rana ka ce "kwantiraginka ya ƙare tuntuni" ba. Sai da notis. Saboda haka wata ɗaya kafin ranar ku zauna: ko sabon wa'adi a rubuce, ko a mayar da shi na dindindin, ko a yi sallama cikin mutunci ya fara neman wani wurin.

Dokar Najeriya ba ta ƙayyade sau nawa za a sabunta irin wannan kwantiragin ba, shi ya sa za ka ga mutum ya yi shekara bakwai a kan takardar wata shida-shida. A ganina idan ka sabunta sau biyu kuma aikin bai nuna alamar ƙarewa ba, tambayar mataki na farko ta riga ta amsa kanta. Dabarar nan ta sallamar mutum na mako biyu sannan a sake ɗaukarsa don a karya lissafin shekarunsa, duk wanda ya duba takardun biyan albashi zai gane ta.

Ta ɓangaren haƙƙi, mai wa'adi ma'aikaci ne cikakke cikin wa'adinsa. A zuba masa fansho, a cire harajin albashi idan kuɗinsa ya kai a tura wa hukumar tara harajin jihar Kaduna, KADIRS, kafin ranar 10 ga wata mai zuwa, a sa shi cikin lissafin NSITF. Asusun fanshon nasa ne, yana binsa duk inda ya koma, kuma idan ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai samu wani ba, yana iya neman kashi 25 cikin ɗari na abin da ke ciki. Abin da ya rasa shi ne tabbas. Mutumin da bai san inda zai kasance bayan wata tara ba, biyan hayar shekara ma sai ya yi tunani, don haka daidai ne ya nemi albashin da ya ɗara na dindindin kaɗan.

Yaran azumi huɗu takarda mai shafi ɗaya ta ishe su. Tunda ranar salla ta dogara da ganin wata, kada ka rubuta "har zuwa salla." Sa takamaimiyar rana, kwana biyar ko bakwai bayan ranar da ake sa rai.

Littafin 'yan dako

Ɗan aikin yini ba ya bukatar doguwar takarda, amma kai kana bukatar littafi. Kowace rana a rubuta suna, kwanan wata, aikin da aka yi, buhu nawa idan jinga ce, kuɗin da aka biya, da sa hannu ko dangwale. A yi ciniki kafin a taɓa buhun farko, a biya kafin a watse. Mutumin ya san cewa babu hutu da albashi, babu kuɗin ranar da bai zo ba, kuma ba ka yi masa alkawarin gobe ba.

Littafin ne kuma zai nuna maka lokacin da abu ya sauya. Duk ƙarshen wata ka duba. Idan sunan mutum ɗaya ya fito sau ashirin, kuma ka lura yanzu har shara yake yi, yana jera burodi a leda, ana aikensa sayen gas, to gurbi ya buɗe a gidanka ba tare da ka lura ba. Kira shi ku zauna.

"Malam, aikin nan naka ya zama na kullum. Daga farkon wata zan mayar da kai kan albashi."

Wasu za su ce, "Ranka ya daɗe, ni dai a bar ni da na hannu," saboda kashi 8 na fansho da za a cire suna ganinsa ragi ne, kuma sun saba cefane da kuɗin yini. Nuna masa lissafin a takarda: abin da zai karɓa a hannu, abin da kai za ka ƙara masa a asusun fansho, da kwanakin jinya da hutun da za a biya shi yana gida. Idan jiran ƙarshen wata ne damuwarsa, doka ba ta hana biyan albashi mako-mako ba, abin da ta hana shi ne tazarar biya ta wuce wata ɗaya. A sabuwar takardar kuma ka rubuta ranar da ya fara zuwa kullum a matsayin ranar fara aikinsa, ba ranar da kuka sa hannu ba, domin daga ita za a lissafa notis ɗinsa da hutunsa.